Tace tsofaffin tambayoyin BEPC bayan an sauya porogaram

Daga watan Maris zuwa sama, duk wani mai fotokwafi a Damagaram, daga Sabon Gari zuwa bakin kasuwar Dole, yana da damin tsofaffin tambayoyin BEPC da na Bak da yake bugawa ƴan lakkwal. Damin kan haɗa na shekara goma ko fiye. Idan an taɓa porogaram a tsakanin waɗannan shekaru, ɗalibai sukan rabu biyu: wasu su haɗiye damin duka, wasu su ce duk abin da ya riga canjin ya mutu, su ajiye shi gefe. Abin da aikin shirya ƴan turwaziyam ya koya mana shi ne ba takarda ake yanke wa hukunci ba, ba ma darasi ba. Ƙaramar tambaya ake bi ɗaya bayan ɗaya, irin 2.a da 2.b ɗin nan, domin a cikin aiki guda ana samun mai rai da matacciya suna maƙwabtaka.

Kafin a taɓa tambaya ko ɗaya, sai an san inda iyakar take, kuma a nan ake fara kuskure. Shekarar da aka sa hannu a kan sabon porogaram ba lalle ita ce shekarar da ya shiga jarrabawa ba. Idan an soma shi daga siziyam ana hawa da shi aji aji, sai yaran da suka fara da shi sun yi shekara huɗu a kwaleji kafin su zauna BEPC, don haka takardu uku da suka biyo bayan sa hannun har yanzu na tsohon tsari ne. Idan kuwa an sauke shi a kan dukkan azuzuwa lokaci guda, iyakar tana nan kusa. Mushen da ke koyar da darasin, ko mai ba malamai shawara a ofishin sufeto, shi zai faɗi wanne aka yi. Akwai kuma matsalar kan takarda. Bugu a kan bugu yakan cinye layin sama, inda shekara da sunan ƙasa suke, shi ya sa takardun Benin da Burkina da Kodebuwa suke shigewa cikin damin ba a sani ba. Nasu porogaram ɗin daban ne. Takardar da ba ta da shekara, ba ta da ƙasa, a ware ta, a bi ta da zargi har sai kowace tambayarta ta wanke kanta.

Ma'aunin kuwa takardar porogaram ce ta ma'aikatar ilimi, ba jerin babi na littafin aji ba, ba kuma kayen wani yaya da ya ci jarrabawa shekara biyar baya ba. A cikin porogaram ɗin ma, sunan babi ba ya wadatarwa. Abin dubawa shi ne layin da ya faɗi abin da ɗalibi zai iya yi, musamman kalmar aikin da aka sa. "Ya yi amfani da ƙa'idar" daban, "ya tabbatar da ƙa'idar" daban. Babi yana iya zama daram da sunansa alhali an mayar da wata ƙa'ida cikinsa abin karɓa ba tare da hujja ba. Tambayar da ta ce a kawo hujjar ta tashi daga aiki, amma wadda ta ce a yi lissafi da ƙa'idar tana nan. Wanda ya tsaya a sunan babi zai bar su duka biyun su wuce.

Mu ɗauki aikin lissafi irin wanda aka saba gani a turwaziyam, mai maki 6. An ba da ɗigo uku a kan takardar ma'auni: A(1;2), B(4;6), C(8;3). Tambaya ta 1 ta ce a dasa su, maki ɗaya. Ta 2 ta ce a lissafa tsawon AB da BC da AC, maki ɗaya da rabi. Ta 3 ta ce a nuna cewa bektar AB da bektar BC sun haɗu a tsaye ta amfani da xx' + yy' = 0, maki ɗaya. Ta 4 ta ce a fitar da irin zanen mai kusurwa uku ABC daga abin da ya gabata, rabin maki. Ta 5 ta ce a nemo D yadda ABCD zai zama murabba'i, maki ɗaya. Ta 6 ta ce a nemo inda A zai faɗa idan aka juya zanen digiri 90 a kan B, maki ɗaya. Yanzu a ce, don misali kawai, sabon porogaram ya ɗage ƙa'idar xx' + yy' = 0 zuwa lise, ya kuma cire juya zane gaba ɗaya.

Ta 1 da ta 2 ba gardama: AB = 5, BC = 5, AC = 5√2. Ta 6 ma ba gardama, a ja mata layi, kuma tun da ita ce ta ƙarshe, ba wadda ta jingina da ita. Aikin yana wurin ta 3. Yadda aka rubuta ta, ta fita daga porogaram, domin hanyar da aka tilasta, wato 3×4 + 4×(−3) = 0, ba a koyar da ita yanzu. Amma idan aka soke ta kawai, ta 4 ta rataya a iska, saboda daga ta 3 take ɗauko cewa kusurwar B a tsaye take, ta 5 kuma tana buƙatar ta 4. An yi niyyar zubar da maki ɗaya, sai a tashi an zubar da biyu da rabi. Gyaran na layi ɗaya ne: a sake rubuta ta 3 a ce a nuna kusurwar B a tsaye take ta hanyar juyin ƙa'idar Pitagor. AB² + BC² = 25 + 25 = 50, AC² ma 50 ne, magana ta ƙare. Ta 4 ta samu madogara, ta 5 ta ba da D(5;−1). Daga maki 6 an tsira da 5.

Wani lokaci ba a samun hanyar da za ta maye gurbin wadda aka cire. A nan sai a rubuta sakamakon da fensir a gefen tambayar, "a karɓa cewa kusurwar B a tsaye take", ɗalibi ya ɗora daga nan. Masu tsara jarrabawa su kansu suna yin haka don kada wanda ya faɗi a tsakiya ya rasa sauran. Ke nan kashi uku ake yi, ba biyu ba: wadda za a yi yadda take, wadda za a yi bayan gyara, da wadda za a bari. Alama uku a gefen takarda ta isa, kuma da fensir, domin mushe na iya zuwa ya ce abin da aka soke ana koyar da shi a katiriyam. Wannan ma tarko ne mai yawan kama mutane. Abin da aka sauko da shi aji na ƙasa bai fita daga jarrabawa ba, ya zama abin da ake ɗauka ɗalibi ya riga ya sani. Wanda aka ɗage zuwa aji na sama, ko aka cire gaba ɗaya, shi ne kaɗai ya fita.

A tarihi da labarin ƙasa ciwon ya sha bamban. Can tambayar takan rayu, amsar da ke bayan damin ce take ruɓewa, ko da ba a taɓa babin ba. Tambaya a kan yawan jama'ar Nijar da matsalolinsa ba ta tsufa, amma amsar da aka rubuta da ƙidayar 2001 za ta ce mutum miliyan 11 da ƴan kai, alhali ƙidayar 2012 ta ba da fiye da miliyan 17. Amsar da ta riga 2011 za ta lissafa arzikin ƙarƙashin ƙasa ta tsaya a uraniyom na Arlit da gawayin Anu Araren da zinariya, ba ta san matatar SORAZ ba, wadda aka buɗe a Nuwamban 2011 a nan arewa da Damagaram, kan hanyar Tanut. Za ta kuma ce departama 36 ne, alhali a shekarar aka mayar da su 63. Tambaya a kan ƙungiyoyin yankin da Nijar take ciki kuwa, duk amsar da aka buga kafin 2023 ba ta san AES ba, kuma tana lissafa Nijar cikin CEDEAO, wadda ta sanar da ficewa daga cikinta a Janairun 2024. Yaron da ya haddace irin wannan amsa zai rubuta ta da ƙarfin gwiwa, don a takarda bugaggiya ya gani. Saboda haka a waɗannan darussa a riƙe tambayar, a rufe tsohuwar amsa, a ɗauko alƙaluma daga darasin bana. Tsarin amsar, wato yadda aka buɗe, aka raba, aka rufe, shi kaɗai ake aro.

Bayan tacewa, ƙirga yawan fitowar babi yakan yaudari mutum. Ƴan fada na zaune da dare suna cewa, "Kai abokina, wannan ya fito sau bakwai cikin shekara goma, bana ma ba makawa." In shida daga cikin bakwai ɗin kafin canji ne, ƙirgar ba ta faɗi komai a kan bana ba. Takardun bayan canji kaɗai ake ƙirgawa, ko da biyu ne. Mafi muni, babin da sabon porogaram ya ƙaro ba shi da ko tambaya ɗaya a tsohon dami, sai ya ɓace daga bita ba wanda ya lura. Maganinsa a juya aikin: a bi layukan porogaram daga sama zuwa ƙasa, a rubuta adadin tambayoyin da aka samu a gaban kowane. Inda aka ga sifiri, sai a nemi tambayoyi daga jarrabawar gwaji ta kwalejoji da ayyukan littafin aji.

Sai batun agogo, ga mai son zama gwaji da tsohuwar takarda da aka tace. A ce takardar ta awa biyu ce a kan maki 20, kowane maki ya tashi minti 6. Idan an soke tambayoyin maki 5, saura 15, lokacin zama ya koma minti 90. Wanda ya ba kansa awa biyu cur a kan maki 15 zai ɗauka hannunsa da sauri, sai ranar jarrabawa ya ga an karɓi takarda yana tsakiyar aiki na uku. Makin da aka ci ma a mayar da shi kan 20: 11 cikin 15 ya zama kusan 14,7. Idan abin da aka soke ya kai rabin takarda, ba ta cancanci zaman gwaji ba kuma. A yanka ta da almakashi, a manna ragowar tambayoyin a kaye, kowace a ƙarƙashin babinta, a rubuta shekararta a gefe.