Laraba: ranar da farashi ya dawo inda nake jiransa

Tun kafin ƙarfe tara na safe gurup ɗinmu na masu cinikin kirifto ya kaure da hayaniya. Wani ƙaramin kwayin da jiya ba wanda ya san sunansa ya yi tashin gwauron zabi, daga dala 0.010 zuwa 0.018 cikin ƙasa da awa ɗaya. Sai hotunan koren kandir, wato sandunan jadawali masu nuna tashin farashi, ake ta turowa. Ƙawata ta kira ni, muryarta har rawa take: "Ƙawas, don Allah ki shigo, wannan sai ya ninka sau biyar!" Na tambaye ta a nawa ta saya, ta ce 0.017. Na ce to idan ya juya, a ina za ki fita? Ta yi dariya, ta ce ni kullum maganar faɗuwa nake yi.

Na buɗe kwayin na duba, don kada a ce raini ne ya hana ni. Abin da na fara kallo shi ne jerin odar masu saye. Ƙasa da farashin da ake ciki, odojin 'yan ƙanana ne, kuma tsakaninsu da tazara. Ke nan duk wadda ta zo sayar da kayan dala 'yan ɗaruruwa ita da kanta za ta ja farashin ƙasa. Sannan ba wani labari da ya fito game da shi, kuma jiya war haka kusan ba a cinikinsa. Idan abu ya tashi kashi 80 cikin ɗari a irin wannan yanayi, yawanci akwai waɗanda suka tara shi tun yana arha, yanzu masu saye suke nema su sauke musu. Na rufe shafin na koma kan nawa.

Nawa dai guda ɗaya ne, kuma na daɗe ina kallonsa. Kwayin ne mai ciniki sosai, wanda farashinsa ya maƙale ƙarƙashin dala 2.00. Sau uku yana zuwa wurin ana dawo da shi, don haka na ja layi a kai. Ƙa'idata a rubuce take: kandir na awa huɗu ya rufe sama da layin, cinikin da ya raka shi ya fi na kandiran baya a fili, sannan farashi ya dawo ya taɓa layin ya ƙi nutsewa. In ɗaya ya ɓace a cikin biyun farko, hannuna ba ya taɓa maɓalli; in na ukun ya karye, fita nake yi.

Kandir na ƙarfe tara ya so ya yaudari mutane. Farashi ya leƙa har 2.04, amma da lokacin rufewa ya yi sai ya koma 1.98, ya bar dogon tsinke a sama. Wanda ya saya a lokacin leƙen ya sayi tsinke ne kawai. Shi ya sa nake jiran rufewa: a tsakiyar awa huɗu kowane irin abu na iya faruwa, amma inda kandir ya rufe ne yake nuna wanda ya yi rinjaye tsakanin masu saye da masu sayarwa.

Ƙarfe ɗaya na rana ya rufe a 2.07, jikinsa cike, cinikin kuma ya kusa ninka na kandiran da suka gabace shi. Sharaɗi biyu sun cika. Nan ne wurin da ya fi ci mini rai, domin farashin bai tsaya ba, ya ci gaba har 2.13 ina zaune ina kallo. Ƙanwata, wadda ita ma tana gurup ɗin, ta turo mini saƙo: "Yaya, abin naki ya tafi ya bar ki, kin zauna kamar mai gadin kandir." Gaskiyarta, yana iya tafiya bai waiwayo ba, kuma ya sha yi mini haka. Amma lissafi ne ya zaunar da ni. Wurin da zan yarda cewa hasashena ya rushe shi ne 1.94, ƙasa da layin da kuma ƙasan kandir ɗin da ya fasa shi. Idan na saya a 2.13, tazarar asara ta zama 0.19, abin da ya rage zuwa inda nake hange, wato 2.26 inda farashi ya taɓa cijewa a baya, 0.13 ne kacal. In sa 19 don neman 13? Ban ga dalili ba.

Sai na ajiye odar saye a 2.02 na yi lissafin girmanta. Jarina dala 1,000 ne, kuma ba na yarda in rasa fiye da kashi 1 cikin ɗari a shiga ɗaya, dala 10 ke nan. Daga 2.02 zuwa 1.94 akwai 0.08. In aka raba 10 da 0.08 za a samu 125. To kwayin 125 zan saya, kuɗinsu dala 252.50, sauran jarin ya zauna a gefe. In ya kai 2.26, ribar dala 30 ce, ninki uku na abin da na sa a haɗari. A irin wannan tsari, ko a shiga goma na ci huɗu kawai, na samu 120 na rasa 60, kafin a cire kuɗin ciniki. Ba na taɓa lebarej, wato ciniki da kuɗin aro don ninka girman oda. Mai ninki goma, farashi bai ma gama sauka kashi 10 ba za a share masa kuɗin da ya sa.

Wajen ƙarfe uku gurup ya yi tsit. Kwayin safe ya gangaro 0.011. Ƙanwata dai ta sha: ta shiga a 0.013 ta fita a 0.016, ta ci kusan kashi 23, kuma yau ba mai iya gaya mata magana. Ita kuwa ƙawata dala 400 ta zuba, yanzu sun koma kusan 259. Ta kira ta ce za ta riƙe har ya dawo. Na ce mata, "Ƙawas, kashi 35 kika sauka, amma sai ya tashi kusan kashi 55 kafin kuɗinki su dawo. Wa kike ganin zai saya ya kai shi can?" Na tuna mata da kwayin LUNA a watan Mayun 2022, wanda ya fi wannan girma nesa ba kusa ba, ya faɗo daga sama da dala 80 zuwa abin da bai kai santi ɗaya ba cikin 'yan kwanaki, masu cewa zai dawo suna riƙe da shi. Ta ce za ta yi tunani. Ban matsa mata ba, kuɗinta ne.

Bayan ƙarfe huɗu nawa ya fara saukowa a hankali, cinikin kuma ya ragu, abin da nake so in gani ke nan: masu kwashe riba ne, ba guguwar sayarwa ba. Ya taɓa 2.02, odata ta shiga, ya ƙara nutsawa zuwa 1.99. Gabana ya ɗan faɗi, ba zan ɓoye ba. Nan take na kafa OCO, fita da riba a 2.26, fita da asara a 1.94, duk wanda aka fara taɓawa ya soke ɗayan. Kandir na ƙarfe biyar ya rufe a 2.03 da dogon tsinke a ƙasa, alamar an sayi saukar. Da ya rufe ƙasa da 2.00, da na fita da hannuna ban jira 1.94 ba, tunda sharaɗi na uku ya karye.

Yanzu ƙarfe tara na dare ta wuce, yana 2.05. Na rubuta komai a littafin ciniki: lokacin shiga, dalili, girman oda, da hoton jadawalin. Idan ya kai 2.10, wato ya ba ni daidai tazarar da na sa a haɗari, zan matso da wurin tsayar da asara zuwa 2.02. Kafin nan ba abin da zan taɓa. A gurup kuma an riga an turo sunan wani sabon kwayin na gobe da safe.