Darussan da na koya: mayar da imel ɗin neman ciniki saƙon WhatsApp ko LinkedIn

Kuskuren da ya fi cinye lambobin waya a sashen tallace-tallace shi ne a kwafe imel ɗin neman ciniki yadda yake, a manna shi a WhatsApp, a tura wa mutum arba'in kafin azahar. Galibi ba laifin ƙaramin ma'aikaci ba ne. Shugaban sashen da yake auna aiki da yawan saƙon da aka tura ne ke jawo shi, kuma ranar da aka rufe lambar, ba shi za a tuhuma ba.

Ga abin da ke faruwa a wayar wanda aka tura wa. Saƙon lambar da bai adana ba yana zuwa ne da zaɓin Block a kusa da yatsansa, kuma daga nan zai iya danna Report. Idan ya kai ƙara, saƙonni biyar na ƙarshe da ka tura masa za su je wa kamfanin WhatsApp. Mutane da dama suka yi haka a ɗan lokaci kan rubutu iri ɗaya, sai a dakatar da lambar, ta tafi da hirarrakin tsofaffin abokan cinikin da ba su san hawa ba su san sauka ba. Masu dabarar amfani da Broadcast, wato tura saƙo ɗaya ga jerin mutane a lokaci guda, su ma wahalar banza suke sha, domin jerin ba ya wuce mutum 256, kuma saƙon ba ya isa sai ga wanda ya riga ya adana lambarka. Baƙon da kake nema ba zai taɓa gani ba.

Imel takarda ce da ake ajiyewa a ofis, mai ofis ya karanta in ya samu sarari. WhatsApp kuwa ƙofar gida ce, can ne iyalinsa da dattawan unguwarsu ke magana da shi, kuma ba a shiga sai da sallama. Saboda haka tambayar farko da ke zuwa wa Basakkwace in ya ga baƙuwar lamba ba ta shafi kayanka ba. Tambayarsa ita ce: wa ya ba shi lambata? Saƙon da bai amsa wannan ba a layi biyun farko ya faɗi, komai kyan sauran.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi. Mai haɗa sola yana son ya yi wa mai babban kantin magani a unguwar Mabera ta Sakkwato aiki. Imel ɗinsa ya kai kalma ɗari da tamanin. Akwai kan magana, da gaisuwar ofis, da sakin layi kan shekarar da aka kafa kamfani da rajistarsa, da jerin ayyuka shida tun daga fitilun titi har famfon rijiyar burtsatse, da jimla ɗaya tal a kan firjin magani, da roƙon a ba shi lokacin ganawa, da takardar farashi a maƙale, da sa hannu mai ɗauke da adireshi da lambobi biyu.

Kan magana ya tafi, tunda WhatsApp ba shi da gurbinsa. Aikinsa ya koma kan kalmomin farko, waɗanda ke bayyana a sanarwa kafin a buɗe saƙo. Tarihin kamfani da adireshi da lokutan aiki su koma shafin bayanin WhatsApp Business, inda mai son bincike zai leƙa da kansa, kuma zai leƙa. A sa hoton fuska ko na shago da cikakken suna a can. Lambar da hotonta furanni ne, sunanta kuma laƙabi, ta riga ta yi kama da ta 'yan damfara. Jerin ayyuka shida a goge shi. Abin da ya rage shi ne jimlar nan ta firji da aka binne a tsakiyar imel, kuma ita kaɗai ce ta shafi mai kantin. Insulin da alluran rigakafi da yawa ana adana su ne tsakanin digiri 2 zuwa 8 a ma'aunin Salsiyas, a garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, ga wuta ba tabbas, ga kuɗin man janareta. Wannan ita ce damuwarsa kullum, da ita za a buɗe magana.

Saƙon sai ya zama haka:

"Assalamu alaikum Alhaji, barka da aiki. Sunana wane, ina haɗa sola a nan Sakkwato. Malam wane na Runjin Sambo ne ya ba ni lambarka, mu muka haɗa masa wadda ke riƙe firjin maganinsa idan an ɗauke wuta. In babu damuwa, in turo hoton aikin ka gani?"

Kalma arba'in da 'yan kai ne, ana ganinsa duka ba sai an ja allo ba. Kowace jimla da aikinta: sallama da girmamawa, wane ne kai, ta ina ka zo, me ya haɗa ka da damuwarsa, sai tambaya ɗaya da za a iya amsawa da "to" ko "turo". Imel yana roƙon ganawa ta rabin awa. Saƙon farko izini kawai yake nema. Mutumin da ke tsaye bayan kanta, masu saye na miƙo masa takardar likita, ba zai zauna tsara ranar ganawa da baƙo ba, amma kalma ɗaya ba ta gagare shi.

Sunan wanda ya haɗa ku shi ne ƙashin bayan saƙon, kuma a nan ake yawan yin ganganci. Sai ka nemi yardarsa kafin ka ambace shi, domin masu kantin magani sun san juna, kuma Alhaji zai iya kiransa kafin ya amsa maka. Ya ce bai san da zancen ba, ka rasa sabo, ka ɓata da tsoho. Mafi kyau ma ka roƙe shi ya fara sanar da Alhajin cewa wani zai yi masa magana. Idan babu mai haɗawa, faɗi gaskiyar inda ka samo: "na ga lambarka a allon kantinku." Lambar da aka tsinta daga zauren WhatsApp na unguwa ko na 'yan makaranta ɗaya kuwa, ba don ciniki mai ita ya shiga can ba, kuma ya san haka. Sayen jerin lambobi ya fi muni, ga shi tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan mutane.

Gaisuwa tana da tarko ta fuska biyu. Wanda ya saba da imel yakan tsallake ta, ya faɗa cikin batu kai tsaye, abin ya zo da rashin ladabi. Wanda ya saba da zance baki da baki kuma yakan tura "Salam" ita kaɗai ya zauna jira, ko ya jero ina kwana, ya gida, ya iyali, ya zafi, kowanne a saƙonsa, wayar mutum ta yi ƙara sau huɗu bai san me ake so ba. Masu neman taimakon kuɗi haka suke farawa, shi ya sa ake barin irin wannan ba amsa. Sallama da gaisuwa ɗaya, sannan batu, duk cikin saƙo guda. Laƙabi kuma a dace da shi: Alhaji ko Hajiya in an tabbatar, Dakta ga likita, "ranka ya daɗe" ga mai sarauta ko babban dattijo. In ana shakka, Malam ko Malama ba sa ɓata wa kowa rai. Idan mace ce, a guji duk wata kalmar sabo, a tura da rana, a bayyana batun aiki tun layin farko.

Takardar farashi da adireshin shafi su jira. Fayil ɗin PDF daga baƙuwar lamba abin tsoro ne ga duk wanda aka taɓa yi wa kutse a asusu, kuma farashin sola ba shi da ma'ana kafin a san firji nawa ne, wat nawa suke ja, awa nawa ake so batir ya riƙe. Saƙon murya ma haka. Mutanenmu na son sa, wasu ma ya fi musu sauƙi a kan karatu, amma na farko ya zama rubutu, domin ba a iya leƙa murya a san abin da ke ciki. In ya amsa da murya, ka bi shi da murya, kada ta wuce rabin minti. A rubuta saƙon da hannu, ko a kwafa a gyara suna da dalili. Wanda aka tura kai tsaye daga wata hira yana zuwa da alamar Forwarded a kansa, ya tona asirin cewa ba don shi aka rubuta ba.

LinkedIn wani fage ne daban, ba mai kantin Mabera ake nema a can ba. Jami'an saye na ƙungiyoyin agaji ne, da ma'aikatan banki, da malaman jami'a. A can ba a tambayar wa ya ba ka lamba, tambayar ita ce me ya sa ni. Bayanin da ake haɗawa da buƙatar ƙulla alaƙa, wato Connect, ta hanyar Add a note gajere ne ƙwarai, haruffa 200 ga asusun kyauta, 300 ga na biya, har da tazarar da ke tsakanin kalmomi. Sunanka yana nan a jikin saƙon, kada ka ɓata gurbi wajen maimaita shi. Ko da Turanci za a rubuta, ginin ɗaya ne:

"Assalamu alaikum. Na karanta rubutunki kan adana rigakafi a ƙananan asibitocin karkara. Ina haɗa wa firjin magani sola a Sakkwato, zan so mu san juna a nan."

Babu tayi a ciki ko kaɗan. Sai wadda aka tura wa ta amince tukuna, a bar kwana ɗaya ko biyu, sannan a yi tambaya guda kan yadda ofishinsu ke karɓar 'yan kwangila. Kuma rubutun nata a tabbata an karanta shi da gaske.

Lokacin turawa: tsakanin ƙarfe goma na safe da azahar, ko bayan la'asar. Ban da tsakar ranar Juma'a, ban da bayan isha'i, ban da dab da buɗa-baki in ana azumi. In ka ga kuskure bayan ka tura, WhatsApp na ba da minti 15 a gyara, kuma gyara ya fi gogewa, wadda ke barin tabo a hirar da ba ta ma fara ba.

Alamomin da ke gefen saƙo suna da abin faɗa, amma kada a ɗora musu fiye da ƙarfinsu. Ɗaya mai toka na nufin bai isa wayar ba, wataƙila data ce ta ƙare. Biyu masu toka, ya isa, sai dai mutane da yawa sun kashe alamar karantawa. Biyu masu shuɗi ba amsa, ya gani. A jira kwana uku ko huɗu a sake taɓawa sau ɗaya, da sabon abu a hannu: "Alhaji, jibi muna aiki kusa da ku, in ka yarda in biyo in duba firjin, ba sai an biya komai ba." In wannan ma ya wuce shiru, a bar shi, a rubuta ranar a littafin bibiya. Saƙo na uku, ko kiran waya ba izini, shi ke kai yatsa kan Report, ko da shugaban sashe ya ce a ci gaba da matsawa.