Ƙyalli da kallo: inda na kwana a Suratul Ƙiyama

Mako uku na yi a kan aya biyu, kuma jiya da yamma, ana wanke-wanke a tsakar gida, aka warware mini su. Masu bin wannan littafin rubutu nawa sun san tun bayan babbar sallah nake juya ma'anonin juzu'in Tabaraka zuwa Hausar da yara za su iya karantawa da murya ba tare da numfashi ya tsinke ba. Lissafina shi ne in gama Ƙiyama a kwana huɗu in shiga Insani. To, har yanzu ina nan.

Inda na maƙale: "Wujuhun yauma'izin nadira, ila Rabbiha nazira." Aya ta 22 da ta 23 ke nan a ƙidayar Kufa da ke cikin bugun Hafsu. Mai riƙe da bugun Warshu mai ƙidayar Madina ya ja baya da lamba ɗaya, don surar aya 39 ce a can.

Kalmomin ƙarshen nan biyu awonsu ɗaya, wasulansu ɗaya, harafi ɗaya tak ya raba su: lodi a ta farko, zadi a ta biyu. Suyuɗi ya kawo wannan ayar a cikin Itƙan a matsayin misalin jinasin da ya kira lafzi, wato haruffa biyu da suka kusanci juna a baki har kunne ya ɗan yi tantama. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne ni kaina na yi shekaru ban ji wannan wasan ba. A makarantar allo "nalira" muke cewa, sannan "nazira". Bakin Bahaushe ya daɗe da mayar da lodi lam, shi ya ba mu alƙali da lalura da alwala da layya, ya kuma mayar da zadi zayi, kamar a azahar da zalunci. Saboda haka haruffan da suke maƙwabta a bakin Balarabe, a namu bakin unguwa guda ce tsakaninsu. Sai da na zauna gaban mai tajwidi na ji su daf da juna, na gane cewa ayar tana sa kunne ya ji fuska mai haske da fuska mai duba kamar abu ɗaya ne aka juya. Annuri da kallo, kamar yadda muka saba ji a tafsirin azumi, ma'ana ce sahihiya, amma wannan kusancin ba ya cikinta ko kaɗan.

Gwajin farko na yi shi ne da arha. Na ɗauko "-wa" na liƙa wa ƙarshen ayoyin nan biyu da biyun da ke biye da su: haskakawa, dubawa, murtukewa, karyawa. Amsa-amo ya fito tsaf, ni kuwa na ji kunya da na karanta da murya, domin waƙa ce ta fito, irin ta ɗalibai ranar walimar sauka. Ba banza malamai suka ce ƙarshen aya fasila ce, suka ƙi kiranta ƙafiya ba. Ban da haka, "-wa" ta daidaita ayoyi huɗun gaba ɗaya, alhali a asali kusancin nadira da nazira ya fi na sauran nesa ba kusa ba. Na yage shafin.

Gwaji na biyu shi ne ya ba ni kunya a gaban mutane, kuma shi nake so ku ji da kyau. Na ce tunda ba ni da kalmomi biyu masu kama, bari in maimaita kalma ɗaya da ma'ana biyu:

Wasu fuskoki a ranar nan suna ɗaukar ido,
ga Ubangijinsu sun zuba ido.

Wallahi na ji daɗin kaina. Kwana biyu ina maimaitawa a kan babur. Ranar Asabar bayan la'asar na kai wa Malam a zaure, na karanta gaban ɗalibai wajen goma. Malam bai ce komai ba sai da ya gama gyara zaman rawaninsa, sannan ya ce, "Malam ƙarami, in manomi ya ce ya yi shuka ya zuba ido, me yake kallo?"

Na ce, "Allah ya gafarta Malam, jira yake yi."

Ya ce, "To ka fassara mana ayar da fassarar Mu'utazila, kuma ka yi mata ado."

Gumi ya keto mini. Ai kuwa haka ne. Wannan ita ce ayar da Ahlus Sunna suke kafa hujja da ita a kan ganin Allah a Lahira, Mu'utazila kuma suka karkatar da nazira zuwa tsumayi da fata, kamar yadda Zamakhshari ya yi a Kashshaf. Malam ya sa ni na buɗe wurare biyu da hannuna. A Suratul Hadid aya ta 13, "unzuruna" ta zo ba tare da harafi ba, ma'anarta ku jira mu. A A'araf aya ta 185 ta zo da "fi", ma'anarta tunani, wanda daga nan Hausa ta samo kalmar nazari. A nan kuwa da "ila" ta zo, kuma fuska aka jingina wa aikin, wato duban ido ne. Duk wanda ya karanta Risala ya wuce ta kan wannan a babin farko, ni ma na wuce, amma daɗin amon "ido, ido" ya toshe mini kunne. Zuba ido a Hausa ƙafa ɗaya tana cikin kallo, ɗaya tana cikin jira, kuma ta jiran ta fi nauyi. Sa ido ma ba ta tsira ba, ita tana da warin bin diddigi.

Haushin abin ya sa na tafi kasuwa na sayi ƙamusun Hausa babba, tsohon bugu, naira dubu goma sha huɗu, kuɗin man sati biyu. Na yi dare huɗu ina bin kalmomin haske ɗaya bayan ɗaya ina neman wadda za ta yi kama da duba ko gani ko hange. Sheƙi, walƙiya, annuri, walwali. Babu wadda ta matso kusa.

Jiya ina zaune kan tabarma da littafin a cinya, ƙaramar 'yata ta gama dirje faranti da toka, ta ɗaga shi sama ta ce, "Baba, kalli yadda yake ƙyalli!" Uwargida ta ce ihun da na yi sai da kaji suka watse.

Ƙyalli da kalli. Lam mai shadda a tsakiya, wasula iri ɗaya, bambancin yana baƙin farko kawai, kuma baƙaƙen 'yan ɗaki ɗaya ne, dukansu daga hanɗa suke fita, ɗaya da maƙura a rufe ɗaya a sake. Kusan irin dangantakar lodi da zadi ke nan. Har ma cutarsu ɗaya: na tura wa wani abokina a waya, wayarsa ba ta da ƙa mai lanƙwasa, ya maido mini da "kyalli, kalli", kamar yadda marubutan zamanin da suka riƙa rikita lodi da zadi har malamai suka wallafa littattafai a kan rarrabe su.

Sai dai murna ba ta hana wata matsalar fitowa ba, kuma a kanta na kwana. In ba a umarni ba, "kalli" ba ta tsayawa a ƙarshen jimla, dole abin da ake kallo ya biyo ta. In na riƙe ta, zan ce: suna ƙyalli, su kalli Ubangijinsu. Kalmomin sun haɗu kafaɗa da kafaɗa, amo ya yi daɗi ƙwarai. Amma na rasa abu biyu. Ayar ta gabatar da "ila Rabbiha" kafin nazira, kuma wannan gabatarwar tana da aiki, tana cewa Shi ne abin duban. Sannan "su kalli" tana nuna abu ya faru sau ɗaya ya wuce, alhali nazira siffa ce mai zama. In kuwa na koma "kallo", wasalin ƙarshe ya sauya daga i zuwa o, kamannin ya ragu, amma Hausa ta ba ni kyautar da ban roƙa ba: "Ubangijinsu suke kallo." Wannan "suke" ita ce hanyarmu ta gabatar da abu don a keɓe shi, daidai da abin da Larabcin ya yi. Na zaɓi kallo. Gara in rasa wasali ɗaya.

Na kuma gwada "masu ƙyalli ne, masu kallo ne", don "masu" ta tsaya a madadin awon da kalmomin suka yi tarayya a kai. Ta fi kusa da nahawun asali, amma "ne" tana zuwa ta zauna a kan kalmar da nake so kunne ya tsaya a kanta. Na bar ta.

Game da ma'ana, na san za a ce ƙyalli na ƙarfe ne da madubi, nadra kuwa ta ɗanyen ganye ce da fatar wanda ya ji daɗi. Gaskiya ne, kuma wannan asara ce da na yarda na ɗauka. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne Jalalaini ya fassara nadira da kyakkyawa mai haske, ashe ban fita daga gona ba. Sannan na gwada kalmomin a Muɗaffifina aya ta 23 da ta 24, inda saiwoyin nan biyu suka sake haɗuwa, yanzuruna sannan nadratan na'im. Ga abin da ya fito: a kan karagu suna kallo, kana gane ƙyallin ni'ima a fuskokinsu. Ya zauna daram, ban taɓa komai ba. Da zuba ido ce da tuni ta tona kanta a nan.

Ga yadda shafin yake yanzu:

Wasu fuskoki a ranar nan suna ƙyalli,
Ubangijinsu suke kallo.
Wasu fuskoki kuma a ranar nan sun murtuke,
sun tabbata mai karya ƙashin baya ce za a aukar musu.

Ayoyi biyun ƙarshe ban yi musu wani ado ba. Na so in sa "ƙunci" a ta uku don ƙa da ka su ci gaba da karɓa-karɓa har zuwa "karya", amma ƙunci a zuciya yake, basira kuwa, kalmar da ayar ta zo da ita, a fuska take, kuma na riga na sha dukan bin amo sau ɗaya. Ku lura kawai kada ku rikita wannan basira mai sin da basira mai sodi ta aya ta 14, wadda Hausa ta ara.

Da safen nan na biya ta zaure kafin in wuce aiki. Malam ya sa na karanta sau biyu, ya gyaɗa kai a kan ƙyalli, sannan ya ce kallo tana ɗan yi masa ƙamshin 'yan kallo a filin dambe, ko "duba" ba ta fi ladabi ba? Na ce in na sa duba, Allah ya gafarta Malam, farantin yarinyar nan ya tashi a banza. Ya yi dariya ya ce in bar ta zuwa Asabar, zai ji ta a bakin yara tukuna.