Kwanar da ta koya mini tura kan babur

Ranar Asabar, a hanyar Zariya zuwa Jos, na shiga wata kwanar dama da gudun kusan kilomita 80. Kwanar ta matse fiye da zatona, babur ya fara zamewa zuwa hannun masu tahowa. Na karkata jikina iya ƙarfina, ko gezau.

Sai na tuna maganar yayana: "Ƙanena, in za ka dama, tura hannun dama gaba." Na ɗan tura, kamar mai tura ƙofa. Nan take babur ya kwanta dama, ya kama kwanar.

Ga abin da ke faruwa. Turawar tana juya tayar gaba hagu na ƙiftawar ido, tayoyin su fice hagu daga ƙarƙashinka, nauyinka da na babur ya faɗo dama. Wannan kwanciyar ce ke yin kwanar, daga nan tayar ta dawo da kanta. In gudu ya wuce kamar kilomita 20, haka kowa ke juyawa, ko bai sani ba.

Da na damƙe birkin gaba don tsoro, da babur ya miƙe ya kai ni gaban wata tirela da ke tahowa. Har na isa gida hannuna na rawa, wallahi.