Abin da aikin rubuta wa mutane wasiƙa a Faransa ya koya mini game da neman takarda

A ƙungiyar sa-kai da nake taimaka wa baƙi da rubutu a Faransa, yawancin wasiƙun da ake kawo mini na neman takarda ne, ko dai a wurin mai gidan haya ko a ofishin gwamnati. Abin da na fahimta a wannan aiki shi ne, ladabin wasiƙar Faransanci yana da wuraren da aka ware masa, wato farko da ƙarshe, amma tsakiyar wasiƙa wurin bayani ne zalla: sunan takardar da ake nema, watannin da ta shafa, ranar da ake bukatarta, da hujjar da ta sa ake da haƙƙin samunta. Mutanenmu ba su da ƙarancin ladabi, sai dai sau da yawa ladabin yakan malale ya cika tsakiyar wasiƙar, har ma'aikaci ya karanta ta kaf bai gane abin da ake so ya yi ba.

Misalin da ya fi yawan zuwa gabana shi ne na ɗan haya da zai sabunta takardar izinin zama. Ofishin firefe, wato ofishin gwamnati mai ba baƙi izinin zama, wanda ake rubuta sunansa "préfecture" a bayan ambulan, yakan nemi shaidar wurin zama da ba ta kai wata 6 ba. Wanda takardar kuɗin lantarki ba da sunansa take fitowa ba, sau da yawa abin da ya rage masa shi ne shaidar biyan kuɗin haya daga hannun mai gida. A nan dole a kira takardar da sunanta, domin iri biyu ce. Wadda ake kira "quittance de loyer" ana bayar da ita ne idan an biya kuɗin wata cif, tana kuma raba ainihin kuɗin haya da kuɗin hidimomin gida, ta nuna misali yuro 600 na haya da yuro 50 na hidimomi. Idan wani ɓangare kawai aka biya, abin da ake bayarwa shi ne "reçu". Wanda ya rubuta cewa yana son "takarda" ko "shaida" kawai, yana iya samun 'yar guntuwar da ba za ta yi masa amfani a ofis ba, kuma ba zai iya cewa an ƙi ba shi abin da ya nema ba.

Dokar 6 ga Yuli 1989 mai lamba 89-462, wadda ke tsara hayar gidajen zama a Faransa, ta ce a sashe na 21 wajibi ne mai gida ya ba ɗan haya wannan takarda kyauta idan ya nema. Sanin wannan yana sauya yanayin wasiƙa baki ɗaya. Waɗanda suka yi karatu a Nijar sun saba da takardar neman da ake rubutawa da hannu a manna mata kan sarki, wadda ke farawa da "J'ai l'honneur de solliciter de votre haute bienveillance". Wannan jimla tana da muhallinta, kuma a Yamai ko Damagaram ba wanda zai yi mamakin ganinta a kan teburin ofis. Amma jimla ce ta mai roƙon alfarma a wurin babba, kuma idan aka aika wa mai gidan haya a Liyon ko Marsai, tana nuna masa cewa marubucin yana ɗaukar abin a matsayin taimako, wanda ana iya yi ana iya bari. Ina ganin wannan rashin adalci ne mutum ya yi wa kansa, domin kuɗinsa ya biya kuma doka ta riga ta ba shi takardar.

Ga yadda nake tsara wasiƙar farko. Sunan mai aikawa da adireshinsa suna hawa sama ta hagu, na wanda aka aika wa ta dama, sai gari da kwanan wata. Daga nan sai layin "Objet :", wato maƙasudin wasiƙar, wanda shi ne abin da ma'aikaci ko wakilin mai gida yake fara dubawa, saboda haka nake sa komai a cikinsa:

"Objet : demande de quittances de loyer, janvier à mars 2024"

Gaisuwar buɗewa kalma biyu ce kawai, "Madame, Monsieur," idan ba a san wanda zai karanta ba. Ba a tambayar lafiya ko iyali, ba a kuma fara wasiƙar ofis da "Cher". Na san wannan yana yi wa Bahaushe nauyi, domin a wurinmu shiga magana ba gaisuwa rashin tarbiyya ne, amma a wannan tsari gaisuwa mai tsawo a ƙasa take jira. Jimla ta farko tana gabatar da mai rubutu a matsayin ɗan hayar gida kaza tun ranar kaza, ta biyu kuma tana ɗauke da buƙatar:

"Je vous saurais gré de bien vouloir m'adresser les quittances de ces trois mois avant le 15 avril 2024."

Ana rubuta "saurais", ba "serais" ba, kuma wannan kuskure ne da har 'yan ƙasa suke yi. Wanda yake shakka yana iya amfani da "Je vous prie de bien vouloir", wadda ba ta da wannan tarko kuma ladabinta ya wadatar. Abin da ya fi nahawu muhimmanci a jimlar shi ne ranar da ke ƙarshenta. Idan an ce a aiko da gaggawa, kowa da irin gaggawarsa, amma 15 ga Afrilu rana ce da za a iya dogara da ita a wasiƙa ta gaba. Nakan zaɓi ranar da ta bar aƙalla mako uku kafin lokacin kai takardu ofis, domin a samu sararin tuni idan mai gida ya yi shiru. Ba na ba da shawarar a zayyana wa mai gida halin da izinin zaman mutum yake ciki. Ya isa a ce ana bukatar takardun don wani sha'ani na ofis, tunda haƙƙin samunsu bai rataya a kan dalili ba.

Sai jimlar rufewa, wadda ke maimaita gaisuwar buɗewa daidai yadda aka rubuta ta: "Je vous prie d'agréer, Madame, Monsieur, mes salutations distinguées." Idan an buɗe da "Monsieur le Préfet," to shi za a maimaita a nan. A saƙon imel na yau da kullum "Cordialement" ta isa, amma a wasiƙar takarda da za ta iya shiga fayil, cikakkiyar jimlar nake sawa. Sa hannu yana biyo baya, sai layin "P.J. :" inda ake lissafa kwafin da aka haɗa. Kwafi ake aikawa, asalin takarda yana zama a gida.

Idan ranar ta wuce ba amsa, wasiƙa ta biyu tana farawa da "Sauf erreur de ma part", wato sai dai idan ni ne na yi kuskure. Ina son wannan jimla ƙwarai, domin tana ba ɗaya ɓangaren hanyar gyarawa ba tare da jin kunya ba, alhali ta rubuta a fili cewa an nema ranar kaza ba a samu ba. A wannan mataki ne nake ambaton sashe na 21 na dokar, cikin jimla guda, ba tare da barazana ba. Masu gida da yawa mantuwa ce ko sakaci, kuma ɗan haya zai ci gaba da zama a gidan bayan an gama batun takarda, don haka ba dabara ba ce a fara da zafi.

Mataki na uku shi ne wasiƙar gargaɗi, wadda dole kalmomin "mise en demeure" su fito a layin "Objet :" da kuma cikin jikinta, tare da wa'adi bayyananne kamar kwana 8 ko 15. Ana aika ta ta gidan waya da rajista mai shaidar karɓa, wadda ake nema da sunan "lettre recommandée avec avis de réception". Idan ma'aikacin gidan waya bai tarar da mutum ba, yakan bar sanarwa, wasiƙar ta jira kwana 15 a gidan waya. Idan ta dawo ba a karɓa ba, kada a buɗe ambulan, a ajiye shi a rufe tare da rasit, domin shi ne shaidar cewa an aika. Abin da ya ba ni mamaki da farko shi ne, ko wannan wasiƙa mai tsanani tana buɗewa da "Madame, Monsieur," tana kuma rufewa da gaisuwar girmamawa ɗin nan. Ƙarfinta yana cikin wa'adi da hujja da hanyar aikawa, kuma zagi ko zargi ba ya ƙara mata komai sai dai ya rage mata kima idan ta kai gaban mai sasantawa ko alƙali.

Wannan tsari shi nake bi wajen neman a dawo da kuɗin ajiyar da aka ba mai gida lokacin shiga, bayan an bar gidan. Sashe na 22 na dokar ya ba mai gida wata 1 daga ranar miƙa makulli ya mayar da kuɗin idan takardar duba yanayin gida ta ranar fita ta dace da ta ranar shiga, ko wata 2 idan akwai bambanci, kuma jinkiri yana jawo ƙarin kashi 10 cikin 100 na kuɗin hayar wata a kan kowane watan da aka shiga. A hayar yuro 600, yuro 60 ke nan kowane wata. Sai dai wannan ƙari ba ya hawa idan jinkirin ya faru ne saboda ɗan haya bai ba da sabon adireshinsa ba, shi ya sa nake sa a rubuta adireshin a wasiƙa, a ajiye kwafi.

Wasiƙa zuwa ofishin gwamnati tana da ƙarin sharaɗi guda, wato ma'aikaci ya iya gano fayil cikin hanzari. A ƙarƙashin layin "Objet :" nake sa cikakken suna kamar yadda yake a fasfo, ranar haihuwa, lambar baƙo mai alƙaluma 10 da ke jikin katin izinin zama, da ranar da aka shigar da buƙata. Wannan yana da muhimmanci na musamman ga mutanenmu, domin suna ɗaya yana iya fitowa da rubutu iri biyu, wani a fasfo wani a yarjejeniyar haya, kuma lamba ce kawai ba ta rikicewa. Buƙata ɗaya nake sawa a wasiƙa ɗaya, domin idan aka haɗa neman takardar izinin zama ta wucin gadi da canjin adireshi, yana yiwuwa a amsa ɗaya a bar ɗaya.

Ranar shigar da buƙata tana da wani amfani da mutane kan manta. A sha'anin izinin zama, ƙa'idar gama-gari ita ce shirun ofis na wata 4 ana ɗaukarsa a matsayin ƙin amincewa, kuma daga nan ne maganar ƙalubalantar hukuncin take tasowa, da wa'adinta. Saboda haka wasiƙar tuni ga ofishin firefe ba ta tsaya ga tambayar ina aka kwana ba. Tana faɗin ranar da aka shigar da fayil, tana faɗin ranar da takardar da ke hannu za ta ƙare, tana neman abu guda takamaimai. Idan shirun ya kusa cika wata 4, nakan gaya wa mai fayil ya ɗauki kwafin wasiƙunsa da rasit ɗin gidan waya ya je wurin lauya ko ƙungiyar da ta ƙware a dokar baƙi, domin daga wannan gaɓa lissafin wa'adin kotu ne ke aiki, kuma wasiƙar tuni ba ta tsayar da shi.