Abin da takardun ɗalibaina suka koya mini game da mallaka da sifa a Turanci

Ina koyar da Turanci a wata makarantar sakandare da ke cikin garin Sakkwato, kuma mafi yawan abin da na sani game da kurakuran ɗalibai daga duban takardunsu na same shi. Idan yaro ɗaya ya yi kuskure, ana iya cewa ganganci ne. Amma idan yara daga Mabera da Runjin Sambo da Arkilla suka yi kuskure iri ɗaya a wuri ɗaya, ba tare da wani ya leƙa takardar wani ba, to akwai ƙa'idar da suke bi. Ƙa'idar nan kuwa ta Hausa ce, kuma daidai take a gidanta.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne mallaka. Bahaushe yana fara faɗin abin da aka mallaka, sannan ya kawo mai shi: gidan Musa, motar Musa. Harafin nan da ke haɗa su, wato -n ga namiji da jam'i, -r ga mace, a jikin abin yake maƙale, ba a jikin mai abin ba. Turanci ya bambanta da mu ta fuska biyu a lokaci guda. Yana fara kawo mai abu, kuma alamar mallakarsa a jikin mai abun take: "Musa's car". Ɗalibin da aka gaya wa cewa alamar nan ita ce -r ɗinmu sai ya ajiye ta inda ya saba ajiye tasa, ya rubuta "car's Musa". Duk sanda na ga wannan nakan gane yaron ya fahimci aikin alamar, wurin zamanta ne kawai ya ɓace masa. Shi kuwa wanda ya rubuta "Musa car" tsarin ya zauna masa, alamar ce ta faɗi. Ciwon ba ɗaya ba ne, don haka jan biro iri ɗaya ba ya maganinsu.

Akwai kuma abin da ke ƙara kafe tsarin Hausar a nan garin. Yawancin yaranmu suna zuwa Islamiyya ko makarantar allo, kuma Larabci ma abin mallaka yake fara kawowa, kamar a baitul mali, sifa kuma ta biyo bayan suna. Ke nan harsuna biyu ne suka yi ittifaƙi a kan yaron kafin Turanci ya zo da nasa. Shi ya sa nake fara darasin da sunayen da suke gani kullum. Mu muna cewa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, allon bakin ƙofarta kuwa da sunan Shehu ya fara, kalmar jami'a ta koma ƙarshe. Haka Fadar Sarkin Musulmi take komawa "Sultan's Palace".

Sifa ta fi rikitarwa, domin Hausa na da hanya biyu. Ana cewa farar mota, ana kuma cewa mota fara. Ta farkon ta dace da Turanci, saboda haka ɗalibai ba su cika kuskure da fari da baƙi da sabo da babba ba. Amma sifofin Hausa irin waɗannan ba su da yawa. Galibin siffantawarmu da "mai" muke yin ta: ruwa mai sanyi, shayi mai zafi, yaro mai hankali, kuma wannan kullum bayan suna take zuwa. Daga nan ne "water cold" ke fitowa daga hannun yaron da bai taɓa kuskuren farar mota ba. Na lura idan na sa su jera sifofin da ke da "mai" daban, muka yi atisaye a kansu kaɗai, gyaran ya fi sauri.

Ga aikin da nake ba 'yan ajin ƙarshe, wanda ya tara matsalolin wuri guda. Ina rubuta wannan a allo: sabuwar motar ƙanen malaminmu. Kafin kowa ya ɗauki biro sai in tambaya, wane abu ake magana a kai? Mota. To a Turanci ita ce za ta zo ƙarshe. Ta wa ce? Ta ƙane. Ƙanen wa? Na malami. Malamin su wa? Namu. Sai mu faro daga wutsiyar jimlar Hausa mu dawo baya, muna liƙa alamar mallaka ga kowane mai abu: "our teacher's younger brother's car". Saura kalma ɗaya, sabuwar. Nan ne aji ke rabuwa. Wasu kan sa ta farko kamar yadda take a Hausa, su rubuta "new our teacher's", wanda Turanci ba ya karɓa. Wasu kuma su sa ta gaban malami, sai malamin ya zama shi ne sabo. Wata ɗaliba ta taɓa ɗaga hannu ta ce, "Malam, ai mota ta sabuwa, ba malam ba na." Da Sakkwatancinta ta warware zancen: ƙarshen kalmar sabuwar ya riga ya nuna mace take siffantawa, don haka dole ta zauna dab da mota. Amsar ita ce "our teacher's younger brother's new car".

Abin da nake so su riƙe shi ne ba a juya jimlar dukanta. Jerin masu mallaka ne ke juyawa, sifa kuwa tana bin sunanta duk inda ya tafi. Da wannan ake raba tsohon gidan malam da gidan tsohon malam, ake kuma gane dalilin da tsohon abokina yake zama "my old friend", ba "old my friend" ba.

Sai maganar jinsi. A kalmar matarsa akwai alama biyu: -r tana nuna abin mace ne, -sa tana nuna mai shi namiji ne. A bakinmu na Sakkwato abin ya fi bayyana: gidanai, matatai. Turanci bai damu da jinsin abin ba, mai shi kawai yake kallo. Yaron da hankalinsa ya tafi ga mata sai ya rubuta "her wife", yarinyar da ke tunanin miji ta rubuta "his husband". Aji kan yi dariya, ni kuwa nakan hana, domin dariyar na sa yaro ya daina gwadawa. Tambaya ɗaya ke gyara shi: mai abin namiji ne ko mace?

Ɗalibai masu wayo sukan gano wata mafita, wato kalmar "of", wadda ke barin tsarin Hausa yadda yake. Ga abubuwa marasa rai tana aiki sarai, kamar "the gate of the school". Ba na hana su ita, musamman a zauren jarrabawa idan jimla ta cije. Amma ga mutane tana da nauyi a kunne, kuma idan mallaka ta kai hawa uku sai jimlar ta cika da ita. Saboda haka nake barinta ga 'yan ƙananan azuzuwa su dafa, daga aji huɗu kuwa duk inda mai abu mutum ne, sai an juya jerin nake ba da maki cikakke.