Lambar rasit ɗin da na juya da hannuna

Ranar Talata na leƙa kwamfutar wani yaro da ke koyon aiki a wurina, na tarar yana raba lambar rasit gida biyu a kan karan ɗori, zai mayar da na baya gaba. Na ce me ya yi zafi? Ya ce, "Malam, in sunan ɗalibi da Larabci yake, lambar juyewa take yi, shi ne zan juya ta tun a nan don ta fito daidai." Sai da na nemi kujera na zauna, domin abin da na yi ke nan a 2016, har yau kuma yana cina a rai.

Manhajar kuɗin makaranta na rubuta wa wata Islamiyya. Rubutun allon da boko yake, daga hagu zuwa dama, amma malamai da Larabci suke shigar da sunayen yara. Layi ɗaya ne ya jawo komai: suna, sai sarari, sai lambar rasit irin `2016-0417`. In sunan da boko yake, lafiya lau. In da Larabci ne, sai lambar ta tsallake ta koma hagun sunan, ta kuma fito `0417-2016`.

Da na tsaya na karanta, da na gane cewa babu abin da ya taɓa lambar. A cikin kwamfuta haruffa suna nan a jeren da aka buga su. Sai an zo nunawa ne tsarin Unicode na rubutu mai fuska biyu yake yanke inda kowane zai zauna. A wurinsa harafin boko da na Larabci masu ƙarfi ne, kowanne ya san alƙiblarsa. Lamba kuwa mai rauni ce, waiwaye take yi ta ga harafi mai ƙarfi na ƙarshe da ya gabace ta. In na Larabci ta gani, sai a ɗauke ta a matsayin lambar Larabci, ko da 2016 ɗinmu ta boko ce. Karan ɗori kuma yana ɗinke lambobin boko biyu su zama abu guda, amma ba ya ɗinke na Larabci. Saboda haka 2016 da 0417 suka zama guntaye biyu, kowanne daidai a cikinsa, aka jera su daga dama zuwa hagu kamar kalmomin Larabci. Da `/` ne ko ruwa biyu a tsakani, da sun zauna a manne, domin waɗannan suna haɗa lambobi kowane iri. Shi ya sa 10:30 ba ta taɓa ba ni matsala ba, ni kuma ban tambayi kaina dalili ba.

Abin da na yi shi ne, na sa sharaɗi: in akwai harafin Larabci a cikin suna, a juya guntayen. Ya fito tsaf. Na ji daɗi har na ajiye juyayyar lambar a rumbun bayanai, don kada a riƙa juyawa kullum.

Ba zan ce ban yi wauta ba, amma a yi mini adalci. Sati biyu aka ba ni, iyaye sun fara biya, shugaban makarantar yana kirana safe da yamma. Haruffan killacewa da zan ambata a ƙasa sun shigo Unicode ne a 2013, a sigar 6.3, kuma tsoffin wayoyin da malaman ke riƙewa ba duka suka san su ba. To amma wannan uzurin bai hana ni barin lambar rumbu yadda take ba. Nan babu wanda ya matsa mini, ganganci ne.

Wata uku ba a cika ba ta fashe. Wata malama tana da Faɗima biyu a aji, sai ta rubuta sunan da Larabci ta ƙara B na boko a ƙarshe. Sharaɗina ya ga Larabci ya juya lambar. Tsarin nunawa kuwa ya waiwaya ya ga B, ya bar ta yadda na ba shi. Rasit ya fito `0417-2016`. Mahaifin yarinyar ya zo da takardarsa, magatakarda ya duba littafin da yake rubutawa da hannu bai ga wannan lamba ba, aka ce bai biya ba. Dattijo ne, a gaban mutane aka ƙaryata shi. Ina tsaye a wurin, kuma na san daga inda abin ya fito. Daga baya na faɗa, aka ba shi haƙuri, amma an riga an zubar masa da mutunci a ranar.

Kuma ban hankalta a take ba. Na cire juyin, na manna wa kowace lamba harafin `U+200E` wanda ba a gani, na sake ajiye ta da shi a rumbu. Allo ya gyaru, bincike ya mutu. Ka buga lambar daidai, a ce babu ita, domin taka haruffa 9 ce, ta rumbu 10. Kwana uku ina kallon lambobi biyu iri ɗaya sak kafin ya zo mini in ƙirga tsawonsu.

Na yi niyyar jera muku shawarwari da yawa, ƙannena, amma da na auna ba su da yawa. Abin da ke rumbu ku bar shi a jeren da aka buga shi, kada ku juya, kada ku cusa masa ɓoyayyen harafi. Gyara a wurin nunawa ake yi, lokacin haɗa jimlar, kuma kowane abu da ya zo daga waje a killace shi daban:

```js
const suna   = s => "\u2068" + s + "\u2069";
const lamba  = s => "\u2066" + s + "\u2069";
const layi = suna(dalibi) + " " + lamba(rasit);
```

Na farkon yana barin sunan ya zaɓi alƙiblarsa daga harafinsa mai ƙarfi na farko, ba tare da ya ja maƙwabcinsa ba. Na biyun yana tsayar da lambar hagu zuwa dama, in ta waiwaya ba za ta ga Larabci ba. A HTML `<bdi>` da `<bdi dir="ltr">` suna yin wannan aikin, sun ma fi tsabta, tunda ba sa zuba ɓoyayyen harafi a cikin rubutun.

Na ce ku killace komai, amma ba komai ba. A tsakiyar jimlar Larabci, in an ce daga shafi na 10 zuwa na 25 aka sa karan ɗori, mai karatu daga dama zai fara cin karo da 10, sannan 25. Daidai ne, ku ƙyale shi. Lambar rasit, ta waya, ta asusu, waɗannan ne ba su yarda a raba su. Yadda za ku bambance kuwa, ku tambayi mai karanta Larabci kullum, ba idonku da ya saba da boko ba. Amma ku yaran yanzu tambayar ce ba ku so. Da abu ya yi kyau a wayarku sai ku ce an gama, ku tura. Da suna ɗaya kuke gwaji! Ku gwada da na Larabci zalla, da wanda ya ƙare da harafin boko, da wanda ya fara da lamba. In kuna shakka ko bayanin ne ya lalace ko nuni ne, ku kwafi lambar ita kaɗai zuwa fili marar Larabci, ku ƙirga haruffanta.

Yaron nan ya saurare ni, ya ce, "To Malam, amma nawa ma ai yana aiki." Na ce ya ƙara B a ƙarshen sunan. Ya ƙara, ya yi shiru yana kallon allo, sannan ya fara goge layukan.